Kawu, nawa za ku biya yaron?

A tsakiyar watan Satumba, kwanaki kaɗan kafin a koma lakwal, ƙanin mahaifiyata ya aiko a kira ni. Yana da ɗan shago a nan Tsauni, ƙasar Matamaye, inda yake sayar da sukari da shinkafa da mai da sabulu da sauran tarkacen cefane. Yaron da ke taya shi ya tafi ci-rani, shi kuma gwiwa ta fara ba shi wahala. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, ku ne 'yan boko. Duba abin da na sa aka rubuta mini, ka gyara ka jefa a gurup ɗin 'yan gari."

Ga abin da na tarar: "Salam. Ana neman yaro mai amana da zai tsare shago. Mai so ya yi mini magana. A zo gobe. Albashi za a daidaita."

Duk wanda yake cikin gurup na WhatsApp ya ga irin wannan saƙo ba sau ɗaya ba. Gajere ne, babu ƙarya a cikinsa, kuma wanda ya rubuta shi mutumin kirki ne. Amma ra'ayina shi ne irin wannan sanarwa tana cutar da yaran da muke koyarwa, tana kuma cutar da mai shagon kansa. A garuruwanmu yaron shago ba ya sa hannu a wata takarda. Ba a kai maganar gaban kowa. Waɗannan layuka huɗu ko biyar da aka jefa a waya su ne kaɗai rubutun da zai taɓa shiga tsakaninsa da ubangidansa. Ranar da aka samu saɓani, su za a buɗe a karanta. In ba su faɗi komai ba, maganar babba ce za ta yi sama.

Na ce, "Kawu, nawa za ku biya yaron?"

Ya yi dariya. "Haba ɗana, ana faɗin wannan a bainar jama'a? In ya zo ma daidaita."

Sai na ba shi labarin wani ɗalibina na da. Yaro ne mai kai, ya kai ajin ƙarshe na kwaleji bai samu birbe ba, ya zauna gida. Wata rana aka turo sanarwa cewa wani mai shago a wani gari na bakin iyaka yana neman mai taya shi, kuma an rubuta "albashi dubu ashirin." Uban yaron ya yi murna, ya ara masa kuɗin kabu-kabu. Ya yi wata guda cur yana buɗe shago da sassafe yana rufewa bayan lisha. Da wata ya ƙare aka ƙirgo masa naira dubu ashirin. A canjin lokacin ba su kai rabin abin da ya sa rai ba. Da uban ya je magana, mai shagon ya buɗe saƙon ya nuna masa: ina aka rubuta sefa? Kuma gaskiyarsa, ba a rubuta ba. Shi da naira yake sayo kaya daga Daura, da naira yake lissafinsa.

Wanda ke zaune a Kano ko Yamai ba lalle ya gane girman wannan matsala ba. Mu nan kalmar "dubu ashirin" tana da fuska uku. Yaron da ya yi lakwal zai ji sefa 20.000, domin haka aka koya masa a allo. Tsohon da ya saba ƙirga da dala, wadda kowace ɗaya sefa biyar ce, zai iya jin dala dubu ashirin, wato sefa 100.000. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsallaken iyaka kuma naira yake nufi. Mutum uku, kalma ɗaya, kowa ya tafi gida da nasa lissafin. Shi ya sa nake cewa bai wadatar a rubuta lamba ba. A rubuta ta yadda ake faɗinta a kasuwa, a kuma maimaita ta yadda ake rubuta ta a makaranta: jika 25 a wata, wato sefa 25.000. Jika ba ta da ruɗani a wurinmu, kowa ya san sefa dubu ce. Sannan a ce "a wata," a faɗi ranar biya, a faɗi ko da abincin rana ko babu. Ƙarin kalmomi goma ne, ba su fi haka ba.

Kawu bai yarda nan take ba, kuma dalilansa ba na banza ba ne. Na farko, ya ce in ya faɗi abin da zai biya, dangi za su auna arzikinsa da shi, gobe a zo rance. Na biyu ya fi nauyi. Ya ce shi da ya taso ba a yi masa albashi ba. Ya zauna shekaru a shagon ubangidansa a Damagaram, ana ci da shi, ana yi masa ɗinkin salla, da ya isa aure aka sallame shi da jari. Da wannan jarin ya kafa abin da yake ci yau. A ganinsa, yanka wa yaro albashi a rubuce kamar mai da shi bare ne, ɗan ƙwadago, alhali shi ɗa yake so ya riƙa.

Ina girmama wannan tsari, ya fitar da mutane da yawa. Amma na tambaye shi: wannan yaron da za ku ɗauka, kuna da niyyar sallamarsa da jari bayan shekara biyar? Ya yi shiru, sannan ya ce shagon ba zai iya ba. To, nan ne gizo ke saƙa. Abin da "za a daidaita" take yi a yau shi ne ta ɗauko kunyar tsohon tsari, inda yaro ba ya tambayar ubangida kuɗi, ta bar alkawarinsa a baya. Yaro ya zo ya durƙusa, ba zai iya buɗe baki ya yi ciniki da sa'an ubansa ba, sai ya karɓi abin da aka miƙa masa. Babu albashi tsayayye, babu sallama. In mai shago riƙo yake nufi irin na da, ya rubuta haka ƙarara: koyon kasuwanci ne, shekara kaza, ci da sutura a kaina, sallama a ƙarshe. Akwai iyayen da za su fi son wannan ma. In kuma aiki ne na wata-wata, ya faɗi kuɗin.

Da ƙyar ya furta jika ashirin. Na gaya masa ko a 2012, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Nijar ta tsayar a lokacin sefa 30.047 ne a wata. Ya ce wannan maganar ma'aikatan birni ce. Sai muka ƙirga awoyi. Yana so a buɗe ƙarfe bakwai na safe a rufe goma na dare, kullum, har ranar Juma'a. Awa goma sha biyar ke nan a yini. Da na rubuta su a takarda kusa da jika ashirin ɗin, ya daɗe yana kallo. Shi da kansa ya ce a rage: yaro ya zo takwas, ya tashi shida, dare shi zai riƙa zama, Juma'a hutu, kuɗi kuma a kai jika ashirin da biyar da abincin rana. Ban ce an kai inda ya kamata ba, har yanzu yana ƙasa da abin da doka ta faɗa, kuma na gaya masa haka. Amma ban yi masa wa'azi ba. Lambobin ne da suka zauna gefe da gefe suka ba shi kunya, abin da ba zai taɓa faruwa ba muddin suna ɓoye a cikin "za a daidaita."

Daga nan muka koma kan kalmar da ya fi ƙauna, wato "mai amana." Na ce a cire ta. Ya zaro ido kamar na ce a cire bismilla.

Hujjata ita ce kalmar ba ta tace kowa. Ba a taɓa yin ɓarawon da ya karanta "ana neman mai amana" ya ce to, ban da ni ba. Kowa zai zo. Abin da Kawu ke tsoro a zahiri shi ne giɓi: a wayi gari kaya sun ragu, kuɗin akwati bai kai ba. Kuma abin da ke kashe zaman yaro da ubangida a shagunanmu, fiye da sata ta gaskiya, shi ne giɓin da ba a san mafarinsa ba. Ɗan mai shago ya shigo ya ɗebi biskit. Uwargida ta aiko a ba da mudun shinkafa na girkin dare. Maƙwabci ya karɓi sukari bashi, mai shagon ne ya ce a ba shi, ya manta bai rubuta ba. Bayan wata uku a zauna lissafi, a ga jika goma sha biyu ba sa nan, duk ido ya koma kan yaro. A cire daga albashinsa, ko a sallame shi da sunan da zai bi shi har wurin neman aure.

Saboda haka maimakon a nemi amana da baki, a faɗi yadda za a tsare ta. Za a ƙirga kaya tare ranar da ya fara, a rubuta a littafi, kowa ya gani. Za a ƙirga kuɗin akwati kowace yamma kafin ya tashi. Bashi da abin da aka ɗauka na gida duk sai an rubuta, kuma ba a ɗora wa yaro abin da ba a ƙirga a hannunsa ba. Sannan ya zo da babba guda, uba ko kawu ko malaminsa, wanda zai tsaya masa. Yaro mai gaskiya in ya karanta wannan hankalinsa zai kwanta, domin ya san littafi zai wanke shi. Mai mugun nufi kuma zai ga babu duhun da zai ɓuya, ya nemi wani shagon. Ga tacewa ta samu, ba tare da an ambaci amana ko sau ɗaya ba.

Haka na yi da maganar takardar makaranta. Kawu ya so a ce sai mai birbe, don a ganinsa hakan zai ɗaga darajar shagon. A nan zan yi magana da 'yan'uwana malamai, ko da ba za ta yi mana daɗi ba. Na sha ganin ɗalibin da ke cin lissafi a takarda, amma in tsohuwa ta miƙo masa kuɗi ta ce a ba ta na dala tamanin sai ya tsaya yana ƙifta ido. Mun koya masa ƙirga da sefa cikin Faransanci, kasuwa kuma da dala take magana cikin Hausa. Aikin shago ba ya buƙatar birbe. Yana buƙatar wanda zai iya rubuta suna da lamba a littafin bashi yadda wani zai karanta, ya kuma ba da canji daidai mutum uku na tsaye a kansa. To a rubuta haka, a kuma faɗa cewa za a gwada.

Gwajin da muka shirya bai fi minti biyu ba. Mace ta sayi sukari na 700, sabulu biyu kowane 325, da mai na 1.100, ta miƙo takardar jika biyar. Nawa ne canjinta, kuma faɗa mata da Hausa. Kayanta 2.450 ne, canji 2.550, wato jika biyu da dala ɗari da goma. Wanda ya kawo amsar farko ya iya lissafi. Wanda ya kawo ta biyun ya iya shago.

Akwai abu ɗaya da na nace a saka wanda Kawu bai kawo a ransa ba, shi ne shekaru. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Amma ni damuwata ta wuce nan. Kalmar "yaro" a Hausa tana ɗaukar ɗan shekara goma, tana ɗaukar mai gemu. Sanarwar da ta fito ana saura mako biyu a koma aji, ta ce ana neman "yaro," gayyata ce ga uban da damina ba ta yi masa kyau ba ya cire ɗansa daga makaranta. Kowace Oktoba muna kiran suna a aji muna jin "yana shago." Sai muka rubuta shekara 18 zuwa sama, kuma ba wanda ke cikin karatu ba. Ya kuma kamata a faɗi ko namiji ake so ko mace ko duk wanda ya dace, domin uwar da za ta bar 'yarta ta tsare shago abu biyu za ta fara tambaya, ƙarfe nawa ake tashi da wa ke zama tare da ita.

Sauran gyaran na yanayin wayar ne, kuma mutane da yawa ba su lura da shi ba. Mai rubuta saƙo yana ganin kamar a gurup ɗinsu zai tsaya, inda kowa ya san lambarsa da shagonsa. Ba ya tsayawa. Wani zai tura wa ƙanensa, ƙanen ya jefa a gurup ɗin 'yan ajinsu, kafin dare ya kai Kance da Magarya, har wurin 'yan garinmu da ke Agadas ko Kano. Saƙon da aka tura kuwa ba ya tafiya da sunan wanda ya fara rubuta shi, ba ya tafiya da lambarsa, kuma lokacin da ke jikinsa na turawar ƙarshe ne. To "ya yi mini magana" wa ke nan? "A zo gobe," wace goben? Na taɓa ganin sanarwa ta dawo gurup ɗinmu bayan wata huɗu tana neman mutum "da gaggawa," an daɗe da ɗauka, wani bawan Allah ya biya kuɗin mota ya zo. Dole sunan gari, da kwatancen shago, da lambar waya, da ranar rubutawa, da ranar rufewa duk su kasance a cikin jikin saƙon. Kuma abin da ya fi muhimmanci ya zo a layin farko, don waya tana naɗe dogon saƙo, ba kowa ke taɓawa ya buɗe ragowar ba.

Ga yadda ta fito a ƙarshe. Na cire kwatancen shagon da lambar waya a nan kawai:

"ANA NEMAN MAI TAYA TSARON SHAGO A TSAUNI, MATAMAYE. An rubuta 15 ga Satumba 2025.
Aiki: sayar da kayan cefane, jera kaya, rubuta bashi a littafi.
Lokaci: 8 na safe zuwa 6 na yamma, hutu ranar Juma'a.
Albashi: jika 25 a wata, wato sefa 25.000, ana biya ƙarshen wata, da abincin rana.
Namiji ko mace, shekara 18 zuwa sama, ba wanda ke cikin karatu ba. Ya iya rubutu da ba da canji, za a gwada.
Za a ƙirga kaya tare ranar farawa, kuɗi kuma kowace yamma. A zo da babba mai tsaya wa mutum.
Ba a biyan ko dala don neman wannan aiki.
Ana rufewa 25 ga Satumba, a fara aiki 1 ga Oktoba."

Layin "ba a biyan ko dala" na saka shi ne saboda masu kwafe sanarwar mutane su canza lamba, su ce a turo kuɗin rajista. Kawu ya ce ta yi tsawo. Na karanta masa da ƙarfi, bai kai minti ɗaya ba. Ya ce to tunda haka ne a naɗa da murya ma. Wannan shawararsa ce ba tawa ba, kuma ta fi duk nawa kyau. Iyaye da yawa a ƙauyukanmu ba sa karanta boko, amma suna sauraron saƙon murya, kuma su ne masu cewa je ka ko kada ka je. Sharaɗin da na sa masa guda ne, ya karanta abin da ke rubuce kalma da kalma, kada daɗin baki ya ɗebe shi ya ƙara da "in ya yi ƙoƙari za mu ga abin da za a yi." Sai da muka naɗa sau uku, don a na farko da na biyu duk ya ƙara.

Mutum shida suka zo. Na san da tsohuwar sanarwar aka saka da sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma da Kawu ya kwana uku yana ba mutane haƙuri, wasu su tafi da fushi. Biyu sun faɗi a canji. Ɗaya ɗan aji uku ne na kwaleji da ya ƙara wa kansa shekaru, na gane shi tun daga bakin ƙofa na kora shi gida. Wani dattijo kuma ya kira ya yi faɗa, wai jika ashirin da biyar raini ne ga mai iyali. Kawu ya ji zafin wannan kira, ya ce ka ga abin da nake gudu. Ni kuwa na ga gara a yi faɗan a waya kafin a fara, da a yi shi a ƙofar shago bayan wata guda.

Wadda aka ɗauka yarinya ce da ta bar kwaleji shekara biyu da suka wuce. Yayan babanta ne ya rako ta. Kafin su tashi ya ce a sake kunna masa muryar, ya saurara har ƙarshe, sannan ya sa ta tura saƙon rubutun zuwa wayarsa, ya ce zai ajiye. Ranar ɗaya ga wata na je na riƙe musu littafi suna ƙirga. Mun samu kwalin sabulu ɗaya da Kawu ya rantse cike yake, ashe saura guda goma sha ɗaya a ciki.